Gane kwalbar tawadar firinta daga hoto

Tambaya: Ga hoton kwalbar tawadar firinta ta, wacce zan saya?

Malam, siffar kwalbar ba ta wadatar ba, domin da yawa kamarsu ɗaya. Lambar da ke kan takardar jikinta ce abin dubawa. A hotonka, kusa da tambarin kamfanin HP, an rubuta 305 da manyan lambobi, to ita za ka nema. Idan ka ga 305XL, girmansu ɗaya, tawada ce kawai ta fi yawa. Amma ka kula, HP na raba lamba bisa yanki: wadda ake kira 305 a Turai, 67 ce a Amurka, kuma firintar wani yanki takan ƙi karɓar ta wani. Ka ɗauko hoton lambar firintar ma, mai sayarwa ya gwada su biyu.