Zaren gizo-gizo: inda yake fitowa, da abin da ya sa wasu ba sa kafa tarko

Tambaya: Daga ina gizo-gizo yake samo zaren da yake saƙa da shi? Me ya sa wata yanar take zagayayya tsaf, wata kuma a hargitse? Kuma waɗanda ba su da yana, da me suke ci?

Amsa: Zaren a ruwa yake fara rayuwarsa. A cikin tumbin gizo-gizo akwai 'yan jakunkuna da ke haɗa wani ruwa mai kauri na furotin. Kafin ruwan ya fito sai ya bi ta wani siririn bututu da ke ƙara matsewa. A kan wannan hanya ake tsotse masa ruwa, tsaminsa ya ƙaru, ƙwayoyin furotin ɗin su miƙe su jeru gefe da gefe su kama juna. Kafin ya kai bakin fita ya riga ya zama zare. Saboda haka iska ba ita ke busar da shi ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Gizo-gizon da ke zama a ƙarƙashin ruwa ma yana yin zarensa lafiya lau.

Mafitar tana can ƙarshen ciki ta baya: wasu 'yan tsiro ne masu motsi, galibi guda shida, kowanne ɗauke da ƙananan ƙofofi masu yawa. Kuma gizo-gizo ba ya feso zare, jawo shi yake yi. Ko dai ya ja da ƙafafun baya, ko ya maƙala bakin zaren a wani abu ya yi gaba, ko ya saki jiki nauyinsa ya ja. Saurin jan ma yana canza zaren: wanda aka ja da sauri ya fi tauri, wanda aka ja a hankali ya fi miƙuwa.

Gizo-gizo mai zagayayyar yana na iya samun jakunkuna har iri 7, kowace da nata zaren: na ginshiƙi, na kamu, na danƙo, na naɗe ganima, na rufe ƙwai, na maƙalawa a bango ko ganye, da na wucin gadi lokacin gini. Idan aka bi yadda yake gina yana ɗaya, za a ga dalilin wannan rabe-rabe.

Da farko yana tsayawa a wuri mai tudu ya saki zare iska ta ɗauka, har ya maƙale a wani reshe. Ya bi ta kai ya ƙarfafa shi, wannan ita ce gada. Akwai wani nau'i a Madagaska da gadarsa ke kai mita 25, ta tsallake kogi. Daga tsakiyar gadar sai ya sauko da wani zare ya ɗaure a ƙasa, siffar ta zama reshe uku, inda suka haɗu kuma ya zama cibiyar yana. Sai ya kewaye da zaren iyaka, sannan ya ja layuka daga cibiya zuwa gefe kamar wayoyin tayar keke. Duk waɗannan busassu ne, ba danƙo ko kaɗan. Bayan haka ya zagaya daga ciki zuwa waje da wani busasshen zare mai faɗin tazara, wanda zai riƙa takawa. A ƙarshe ne yake juyowa daga waje zuwa ciki yana shimfiɗa zaren kamu mai danƙo, yana kwance na wucin gadin yana cinyewa. Aikin duka bai cika wuce awa ɗaya ba.

Layukan cibiya su ke shanye ƙarfin ƙwaron da ya faɗo a guje. Zaren kamu kuwa yana miƙuwa har ya ninka tsawonsa biyu ko fiye ba tare da ya tsinke ba, sai ɗigon danƙon da ke jere a kansa ya riƙe ƙwaron. Shi mai yanar ba ya maƙalewa saboda yawanci kan busassun layuka yake tafiya, ƙafafunsa kuma na da gashi da wani maiƙo da ke rage kamun danƙo.

Raunin wannan yana shi ne danƙon. Laimar iska yake tsotsa ya zauna da ɗanye, don haka idan iska ta bushe ƙwarai ko ƙura ta lulluɓe shi, sai ya daina kamu. Yanar da ta yi fari-fari, ƙuda ya taɓa ya tashi abinsa, ta mutu ke nan. Shi ya sa nau'o'i da yawa ke cinye tsohuwar yanar su sake sabuwa kusan kullum, furotin ɗin ya koma jiki a sake amfani da shi.

Hargitsattsiyar yanar lungu kuwa ba aikin ganganci ba ne, tarko ne na masu tafiya a ƙasa. Daga cikin tarin zaren akwai wasu da aka ja suka ɗame har ƙasa, da danƙo a ƙarshensu kawai, an kuma maƙala su sama-sama. Tururuwa na gogar ɗaya sai ya ɓalle, ya fizge ta sama ta rataya ba inda za ta dafa. Wasu kuma shimfiɗa suke yi a kan ciyawa, mai rami a gefe, babu danƙo, saurin mai yanar ne ke kama ganima. Akwai ma masu taje zarensu da wani jerin gashi a ƙafar baya har ya yi laushi ya yi buzu-buzu, ya sarƙe ƙafafun ƙwaro ba tare da danƙo ba. Abin da ake son kamawa da wurin da ake zaune, su ke tsara yana.

A cikin nau'o'i sama da 50,000 da aka sani, kusan rabi ba sa kafa tarkon zare. Amma dukkansu suna yin zare. Gizo-gizo mai tsalle shi ne wanda ya fi dacewa a tsaya a kalla. Idanunsa takwas ne. Na gefe suna hango motsi, sai ya juyo da manyan biyun gaba, masu gani tar, ya tantance ko abinci ne. Sai ya laɓaɓa, ya tsaya, ya maƙala zare a inda yake, sannan ya daka tsalle. In ya kuskure, zaren ya riƙe shi ya hau ya dawo, kuma ko a cikin iska yana daidaita jikinsa da shi. Ƙarfin tsallen daga jini yake zuwa: yana tura jini da ƙarfi cikin ƙafafun baya su miƙe farat ɗaya. Manyan gaɓoɓin ƙafar gizo-gizo ba su da tsokar miƙewa, shi ya sa matacce kullum za a same shi ƙafafu a ƙudundune.

Masu farauta a ƙasa da dare sun fi dogara da girgizar ƙasa da gudu. In aka haska fitila cikin ciyawa, idanunsu na ƙyalli. Macensu tana yawo da jakar ƙwanta maƙale a baya, in sun ƙyanƙyashe ta goye su. Wasu kuma suna lafewa cikin fure, ƙafafun gaba a buɗe, suna jiran ƙudan zuma.

Malam-buɗe-littafin dare yana yawan kuɓuce wa yana, domin garin da ke fikafikansa ne ke mannewa a danƙo, shi kuma ya zame. Wani gizo-gizo ya bar saƙa gaba ɗaya saboda shi. Macen gizo-gizon tana rataye zare guda mai ƙaton ɗigon danƙo a ƙarshe, ta fitar da ƙamshi irin na macen wannan ƙwaro. Namijin ƙwaron na matsowa sai ta wurga ɗigon, danƙon ya ratsa garin ya kama ainihin fiffiken, ta jawo shi ta cije.