Wasiƙar da ke raka gyaran kundi zuwa wurin masu jarrabawa

"Maigida, ɗalibar nan mai digiri na biyu ta kawo kundinta da rahoton masu jarrabawa shagonmu na buga takardu, mun shigar da gyaran duka. Na tsara mata imel cewa 'an yi duk gyaran da aka nema, ga kundin a maƙale', sai ka ce kada a tura. Me ya rage?"

Yarona, dubi wanda zai buɗe saƙon. Malami ne da ya karanta kundin nan makonni da suka wuce, ya karanta wasu bayansa. A yawancin jami'o'inmu mai jarrabawa na cikin gida ne ke sa hannu cewa an yi gyara, kafin kundi ya wuce zuwa makarantar karatun gaba da digirin farko, a ba da izinin ɗaurewa. Ba zai sake bin shafi 140 daga farko ba. So yake a kama hannunsa a kai shi kan kowane gyara, ya gani da idonsa, ya wuce na gaba. Idan ba a yi masa haka ba sai ya ajiye kundin har ya samu sarari, wa'adin da aka ɗibar wa ɗalibar kuwa yana ta tafiya.

Kowane gyara abu uku yake buƙata: abin da mai jarrabawa ya ce, abin da aka yi, da inda yake a sabon kundi. Maganarsa a kwafe ta yadda ya rubuta, kada a taƙaita, kada a sassauta ta, domin da kalmominsa zai gane abinsa. Lambobin ma nasa za a bi. In rahotonsa bai zo da lamba ba ku sa masa, ku ware na waje da na cikin gida: W1, W2, sannan C1, C2. Abin da suka rubuta da biro a gefen shafi shi ma gyara ne, haka abin da aka faɗa da baki ranar kare kundi, in ɗalibar ta rubuta shi.

Ɗauki W7 na kundin da ke gabanka. Mai jarrabawa ya ce adadin mutanen da aka yi wa tambaya a babi na uku bai dace da na babi na huɗu ba. Asalin matsalar ita ce an raba takardun tambaya 384, aka dawo da 348, amma aka yi lissafin kaso a kan 384. Kai ka rubuta "an gyara". Ga yadda ya kamata ya fito:

W7. An bayyana a shafi na 58 cewa an raba takardu 384, an karɓo 348, wato kashi 90.6 cikin ɗari. An sake lissafin Jadawali 4.2 zuwa 4.6 a kan 348 (shafi na 66 zuwa 73). A Jadawali 4.4, mutum 174 da suka amince sun tashi daga kashi 45.3 zuwa kashi 50, saboda haka an sauya "ƙasa da rabi" zuwa "rabi" a shafi na 70, da shafi na 101, da kuma cikin tsakure a shafi na vi.

Ka ga magana ɗaya ta taɓa wuri biyar. Nan ne aka fi faɗuwa: a gyara jadawali, a bar tsohon adadi a tsakure ko a babin kammalawa. Mai jarrabawa kuwa da tsakure yake farawa. Duk lambar da aka canza, ka neme ta da Ctrl+F a kundin gaba ɗaya, ka nemi kalmomin da suka dogara da ita, irin su "mafi yawa" da "ƙasa da rabi", sannan ka jera duk wuraren a ƙarƙashin wannan lamba ɗaya.

Lambar shafi ita ake cikewa a ƙarshe, kuma kada ka yi mini gaggawa a nan. In an ƙara sakin layi uku a babi na biyu, duk abin da ke bayansa ya matsa, abin da ke shafi na 62 jiya ya koma na 64. Wanda ya riƙa rubuta shafuka yana cikin gyara zai tarar rabin jerinsa ya zama ƙarya. Sai an gama komai tukuna: a manhajar Word ka danna Ctrl+A sannan F9 domin ƙumshiya ta sabunta, ka zaɓi Update entire table, ka fitar da PDF, daga wannan PDF ɗin za ka ɗauko shafukan ɗaya bayan ɗaya. Jadawalin da aka buga lambarsa da hannu F9 ba ya taɓa shi, don haka in an cire 4.3 kai za ka mayar da 4.4 ya zama 4.3, har da duk inda aka ambace shi a cikin bayani. Akwai kuma shafukan farko masu lambar Romawa. In sun kai goma sha huɗu, shafin da aka buga wa 62 zai fito a matsayin na 76 a manhajar karanta PDF. A faɗa a cikin saƙon cewa lambar da ke buge a jikin shafi ake nufi.

Gyaran da ba a yi ba shi ma dole ya shiga jerin, da lambarsa. In an tsallake C4, mai jarrabawa zai ga giɓin, daga nan ya daina yarda da sauran. A rubuta dalili cikin ladabi da jimla biyu ko uku: an nemi ƙarin bayanai daga wata ƙaramar hukuma, ba a samu ba saboda tana wajen farfajiyar binciken, an ƙara hakan cikin iyakokin bincike a shafi kaza. Haka in na waje ya ce a faɗaɗa wani sashe, na cikin gida ya ce a rage shi. Wannan hukunci ba namu ba ne, na ɗalibar ne da malamin da ke duba aikinta. Mu masu bugawa ne da tsarawa, ba ma ƙirƙiro wa kowa dalili.

Jikin imel ɗin gajere ne. A layin Subject a sa sunan ɗalibar, lambar rajistarta, da "gyaran kundi". Sai gaisuwa da cikakken muƙamin malamin, Farfesa ko Dakta, taken kundin, ranar da aka kare shi, da jimla ɗaya mai ƙidaya: gyara 23 aka nema, an yi 22, ɗaya an yi bayaninsa a C4. In jerin bai wuce goma ba ya zauna a jikin saƙon. In ya wuce, a yi masa jadawali mai layi huɗu a tsaye a fayil na daban, a ambaci manyan guda uku ko huɗu kawai a saƙon. In kundin da Turanci aka rubuta shi, wasiƙar ma da Turanci za ta tafi, tsarin bai canza ba.

A maƙala kwafi biyu, mai tsabta da mai nuna gyara. In ba a kunna Track Changes tun farko ba, shiga Review, ka zaɓi Compare, ka ba shi tsohon fayil da sabo, zai fitar da bambancin da kansa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a maƙale, in hotuna sun yi nauyi a matse su. Daga adireshin ɗalibar saƙon zai fita, ba na shago ba, da malaminta a Cc, kuma shi zai fara ganin jerin kafin ya tafi. Wasu sassan ma ba sa barin ɗalibi ya tura wa mai jarrabawa na waje kai tsaye, sai ta hannun jami'in kula da manyan digiri na sashen. Ta tambaya kafin ka danna komai.

Yanzu buɗe PDF ɗin, ka ɗauki jerin, ka bi lamba 23 ɗin nan kamar kai ne mai jarrabawa. Duk wadda ka je shafinta ba ka ga gyaran nan take ba, yi mata alama ka kawo mini.