Saƙon "jikina ba daɗi": yadda za ka mai da shi sanarwa ba tare da ka jawo wa kanka ba

Wani mai karatu, shugaban leburori a wani injin casar shinkafa a Gombe, ya rubuto: "Barista, yarona ya turo min saƙo ta WhatsApp da asuba: 'Oga yau ba zan shigo ba, jikina ba daɗi.' Kwana uku bai zo ba. Sashen kula da ma'aikata sun ce in rubuto musu a hukumance, in ba haka ba za su yanke masa albashi. Me zan rubuta?"

Malam, aikinka gyara sigar maganar ne kawai, abin da ke cikinta na mai ita ne. Yaron bai ce zazzaɓi ba, bai ce kwana uku ba. In ka ƙara waɗannan don tausayi, gobe takardar asibiti ta nuna gyambon ciki, kai za a fara tuhuma da ƙarya, shi kuma ka ɓata masa hujja.

Ga yadda za ka sa shi: "Ina sanar da ku cewa ranar Litinin da ƙarfe 6:10 na safe, ma'aikaci Wane ya turo min saƙo cewa ba zai zo aiki ba saboda rashin lafiya. Bai faɗi ciwon ba, bai faɗi ranar dawowa ba. Bai zo ba daga Litinin zuwa Laraba. Na haɗa da hoton saƙon." Ka sa cikakkiyar kwanan wata, ka sa hannu da sunanka, ba nasa ba. Lokacin nan na 6:10 shi ne zuciyar takardar, domin shi ke raba wanda ya sanar kafin a fara aiki da wanda ya ɓace ba labari. Kada ka goge asalin saƙon daga wayarka. In magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar irinsa idan an cika sharuɗɗa.

Sai dai sanarwarka ita kaɗai ba za ta tsare masa albashi ba. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci har kwanakin aiki 12 a shekara da albashinsa, amma sai likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyar. Rasidin kemis ba ya cikin lissafi, kuma nan ne yawancin mutanenmu ke faɗuwa. Kamfani na da ikon neman likitan da ya zaɓa ya duba shi, shi kuma ya yarda.

Dokar ta shafi leburori da akawu. Manajoji da ƙwararru sai su duba takardar ɗaukarsu aiki. Yaronka lebura ne, yana ciki.

Kira shi yau. In ya je asibiti, ya karɓo takarda mai nuna ranakun da likita ya ba shi hutu, ka haɗa da taka. In a gida ya yi jinya, ka roƙi a cire kwanakin daga hutunsa na shekara. Wannan alfarma ce, kamfani na iya ƙi.