Yadda ake amsa korafin kwastoma a bainar jama'a

"Ina sayar da man gyada a wajen Ringim. Wata ta rubuta a shafina na Facebook wai jarkar da na aika mata ba ta cika ba, wai ni macuciya ce. In goge ne ko in rama?"

'Yar'uwa, kada ki goge, kada kuma ki rama. Idan kin goge, wataƙila ta riga ta ɗauki hotonsa, sai ta yaɗa a WhatsApp ta ce kin ɓoye gaskiya.

Ki bari zuciyarki ta huce tukuna, amma kada maganar ta kwana. Ki duba littafinki: yaushe aka aika, lita nawa, wane direba ya ɗauka a tasha. Sau da yawa murfi ne bai ɗauru ba, man ya tsiyaye a hanya. Idan ta ce jikin jarkar ya yi maiƙo, to daga nan matsalar take.

Sai ki amsa a ƙarƙashin rubutun nata, gajere: "Hajiya, ki yi haƙuri da wannan ɓacin rai. Mun aika lita 4 ranar Talata. Ki turo mana hoton jarkar ta saƙo, za mu cika miki abin da ya ragu." Kalmar macuciya kuwa ki tsallake ta kamar ba ki gani ba, domin masu karantawa ladabinki suke aunawa. Kada ki saka lambarta ko rasit ɗinta a fili, ko da ke ce mai gaskiya. Idan kun daidaita, ki dawo wurin ki rubuta cewa an warware.

In ta koma barazana ko ƙazafin kin yi algus, ki adana hotunan, ki nemi shawarar lauya kafin ki sake cewa komai.