Ƙarfe goma na wane gari? Amsa ga ƙanena kan gayyatar intabiyu

"Yaya, barka da aiki. Na nemi aikin akanta a wani kamfani a Ingila, yau Talata 24 ga Maris wata jami'ar ɗaukar ma'aikata ta turo min imel tana gayyatata intabiyu ranar Talata 31 ga Maris, ta rubuta 10:00 GMT. Ba ta faɗi ko ta waya ce ko ta bidiyo ba. Abokina ya ce ƙarfe goma na can sha ɗaya ne a Najeriya. In amsa da na gode kawai, ko in yi tambaya? Ina tsoron kada su ga kamar na cika surutu."

Ƙanena, ka amsa yau ɗin nan, kuma ka yi tambaya. Amma kafin mu zo kan wasiƙar, bari in tsaya kan maganar abokinka, don a nan ramin yake.

Abin da ya faɗa maka gaskiya ne a yau, sai dai ba zai kai ranar intabiyun yana gaskiya ba. Ingila tana sauya agogo sau biyu a shekara. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris ana tura shi gaba da awa ɗaya, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da shi baya. A bana, 2026, Lahadin ƙarshe ta Maris ita ce 29 ga wata, wato kwana biyu kafin ranarka. Najeriya da Nijar kuwa ba sa taɓa agogonsu, kullum suna gaban GMT da awa ɗaya. Saboda haka yau da muke magana, ƙarfe goma na Landan sha ɗaya ne a wurinka. Daga ranar Lahadi kuwa agogonku da na Landan sun zama ɗaya: goma a can, goma a wurinka. Wannan lokacin na bazara shi suke kira BST.

To ga inda gizo ke saƙar. Matar ta rubuta GMT. In aka bi ƙa'ida, 10:00 GMT na ranar 31 ga Maris sha ɗaya ne a Najeriya, kuma sha ɗaya ne a Landan ɗin ma. Amma na zauna da mutanen Ingila na daɗe, da yawansu GMT a bakinsu yana nufin "lokacinmu na nan" ne kawai, rani da damina. Na fi zaton ta duba kalandarta ne ta ga gurbi ƙarfe goma na safiyar Talata, ta rubuta GMT don sabo. In haka ne kuma ka bi lissafin abokinka, za ka shigo sha ɗaya ka tarar an jira ka minti goma an tashi. Ba wanda zai zauna ya binciko wa ya yi kuskure, abin da za a rubuta a gaban sunanka shi ne bai zo ba.

Maganin abin ba shi ne ka yi hasashe ba, ba kuma ka gyara mata rubutu kamar malamin aji ba. Ka maimaita lokacin a amsarka ta fuska biyu, da sunan gari, ka bar ta ta tabbatar. Sunan gari ba ya ruɗa kowa, gajerun haruffan nan ne ke ruɗarwa. Haka ma kwanan wata: ka rubuta sunan ranar da sunan watan da kalmomi. Taka ranar ba ta da matsala tunda babu wata na 31, amma da a ce 03/04 aka rubuta, Baturen Ingila 3 ga Afrilu zai karanta, Ba'amurke kuma 4 ga Maris.

Akwai wata hanya ta gane gaskiyar lokacin. Sau da yawa bayan ka amsa za su turo gayyatar kalanda, irin wadda ke zuwa da maɓallin Accept. Ita wannan gayyatar tana juya lokacin da kanta zuwa agogon wayarka ko kwamfutarka, muddin na'urar tana kan yankin lokaci na daidai. A Windows namu shi ne (UTC+01:00) West Central Africa. In ta nuna maka 10:00, lokacin Landan matar take nufi. In ta nuna 11:00, to da gaske GMT ɗin ne. In kuwa abin da kalandar ta nuna ya saɓa da abin da aka rubuta a imel, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi, ka sake tambaya a layi ɗaya.

Yanzu batun yadda intabiyun zai kasance. Ka cire wannan tsoron na surutu. Aikin matar ke nan, ta haɗa ka da masu tantancewa ba tare da tangarɗa ba, kuma in daga kamfanin dillancin ma'aikata take, yawanci sai an ɗauke ka ake biyan su ladansu. Ribarta ce ka zo a shirye. Abin da ke gundurar su shi ne tambayar da amsarta ke cikin saƙon da suka turo, don haka ka sake karanta shi har ƙasa, ka buɗe duk abin da aka maƙala, sannan ka tambayi abin da ya rage.

Tambaya ta farko, ta wace hanya. Ni wannan ce ta taɓa ci na. Intabiyuna na farko a nan Ingila, na ɗauka ta bidiyo ce, na sa riga mai kyau na zauna gaban kwamfuta ina jiran a turo min mahaɗar shiga. Wayata ta yi ƙara har sau biyu, lamba a ɓoye, na ce masu talla ne na ƙi ɗauka. Ashe su ne. Sun sake ba ni wata rana, amma na shige ta ne ina ba da haƙuri, kuma ba haka mutum yake so ya fara ba. Don haka in ta waya ce, ka ji wa zai kira wa, ka kuma ba su lambarka yadda za a buga ta daga waje: ka fara da +234, ka cire sifilin farko. In ta bidiyo ce, ka ji da wace manhaja, Microsoft Teams ne ko Zoom ko Google Meet, don ka sauke ta ka gwada kyamara da makirufo tun da sauran kwanaki. Akwai ma wani nau'in da babu mutum a ɗaya gefen: tambaya ta fito a rubuce, a ba ka ɗan lokacin tunani, ka naɗi amsarka a bidiyo. Tunda an ba ka rana da sa'a, da wuya naka ya zama irin wannan.

Ta biyu ta fi muhimmanci ga mai neman aikin akanta: da wa za ka gana, tsawon wane lokaci, kuma akwai gwaji? Hirar minti ashirin ko talatin da ita jami'ar kaɗai, tantancewar farko ce. Za ta bi takardar tarihin aikinka, ta ji yaushe za ka iya farawa, nawa kake so a biya ka, da matsayinka game da izinin aiki. Awa guda da manajan sashen kuɗi da wani babban akanta kuwa wata magana ce daban. A nan ne za a ce ka ba da labarin lokacin da lissafin banki ya ƙi daidaita da na littafinku da yadda ka gano kuskuren, ko a miƙo maka aiki a Excel a ce ka nuna allonka suna kallo. Mai shirin yin intabiyu da waya a hannu, in aka ce masa buɗe wannan fayil ɗin, ya shiga uku. Sanin haka tun yau shi zai sa ka tanadi kwamfuta, da cajin da zai wuce awa, da wata hanyar intanet ta biyu in ta farko ta yanke.

Ga yadda ni zan rubuta. Na sa maka shi da Hausa, kai ka mayar da shi Turanci da bakinka, kada ya fi haka tsawo:

"Na gode da gayyatar da kika yi min ta intabiyu kan aikin akanta. Ina tabbatar da cewa zan halarta ranar Talata 31 ga Maris. Tunda za a sauya agogo a Ingila ranar Lahadi, ina so in tabbatar: ƙarfe 10:00 na safe agogon Landan ne, wanda shi ne 10:00 na safe a Najeriya? Zan kuma so in san ko ta waya za a yi ko ta bidiyo, da wa zan gana, tsawon lokacin da za a ɗauka, da ko akwai gwaji ko wani abin da ya kamata in tanada. Ga lambata ko da za a buƙace ta. Na gode."

Ka lura tabbatarwar ce ta zo da farko. Mai karanta saƙonni da yawa a rana layin farko take dubawa ta ga zai zo ko ba zai zo ba. Gaisuwa ta layi ɗaya ta isa, ka kira ta da sunan da ta sa a ƙasan saƙonta, ka duba harafinsa da kyau. Ka amsa a kan saƙon nata, kada ka buɗe sabo ko ka canza kanun, domin a nan lambar gurbin aikin kan kasance. In ka ga ta saka wasu a layin Cc, danna Reply all, wataƙila cikinsu akwai mai tsara kalandar.

Albashi da hutu kada su shiga wannan saƙon, lokacinsu na zuwa. Batun biza ma ba sai ka tambaye ta yanzu ba: gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata daga waje a shafin gov.uk, ka nemi sunan kamfanin a ciki da kanka. Kana cikin haka ka duba abin da ke bayan alamar @ a adireshin matar, ka ga ko ya yi daidai da shafin kamfanin. In amsar da ta dawo ta ƙunshi ka biya kuɗin rajista ko na tanadin gurbin intabiyu, tsaya nan. Dokar Birtaniya ta 1973 kan kamfanonin dillancin ma'aikata ta hana su karɓar kuɗi a hannun mai neman irin wannan aiki don samo masa shi.

In har Alhamis ta wuce ba ka ji komai ba, duba akwatin Spam tukuna, gayyatar kalanda na yawan faɗawa can. In babu, tura tuni na layi biyu ranar Juma'a da safe, a kan wannan saƙon dai. In kuma har Talata ta waye shiru, ka ɗauki lokacin da ya fi kusa: tun goma saura kwata ka kasance a zaune, kwamfuta a kunne, imel a buɗe, waya a gefenka da ƙararta, kuma duk lambar da ta kira, ko a ɓoye take, ka ɗauka.