Hoton aure mai zanen gilashi: ina asarar take shigowa?

Tambaya: Malam, ina da shagon hoto a Marwa. Na fara yanka hotunan aure gida-gida da baƙin layi kamar gilashi mai launi. Uku aka dawo mini da su, wai amarya ba ta fito ba. Kowane bugu na 30x40 yana cin mini sefa 2,500. In daina ne?

Amsa: Ƙanena, kada ka daina. Fuska ce ke cinye maka kuɗi, kuma tana da magani.

A Photoshop, tasirin Stained Glass yana raba hoto zuwa gidaje, ya cika kowane gida da launi ɗaya tak. Idan ido ya faɗa cikin gida guda, ya zama ɗigon baƙi, kwalli da gira duk sun tafi. Uwar amarya kuwa idon 'yarta take fara nema. Don haka ka kwafi hoton sau biyu. A na ƙasa ka sa Cell Size, wato girman gidajen, babba, wajen 25, don bango, lafaya da babbar riga, a nan launi ke yin kyau. A na sama ka rage shi zuwa 5 ko 6, ka yi masa mask ya tsaya kan fuska da hannun lalle. A hoton aure ni nakan bar fuskar yadda take, in zagaye ta da layi kawai. Light Intensity ka mai da shi 0, domin haskensa tsakiyar hoto yake wankewa, inda fuska take. Launin layin daga foreground yake zuwa, sai ka danna D ya koma baƙi kafin ka fara.

Abu na biyu, ka daidaita girman bugu kafin ka sa tasirin. Faɗin santimita 30 a 300 ppi pixel 3,543 ne, layi mai kaurin pixel 4 kuwa wajen sulusin milimita ne kawai. A allo ya yi ɓaro-ɓaro, a bangon falo ya ɓace. Ka buga yanki kaɗan, ido da gefen ɗankwali, a ƙaramar takarda, ka ja baya taku uku ka duba.

Yanzu lissafi. Uku da aka dawo da su sefa 7,500 ne. In ribarka 2,000 ce a kowane hoto, sai ka sayar da huɗu kafin ka cike ramin. Daga yau ka karɓi kafin alƙalami da zai biya bugu, ka tura samfuri ta WhatsApp da sunan shagonka a kai, kuma ba ka kai wa mai inji sai mai hoton ya amsa a rubuce. Farashi kuma ka raba shi biyu: na danna tasiri kawai, wanda kowane yaro ke yi a waya, da na gyaran fuska da hannu, wanda za ka ƙara masa kuɗin lokacin da ka zauna a kai.