Amsar tambaya kan bishiyar Merkle

Tambaya: Yaya, don Allah ta yaya za a ce mutum ya tabbatar da ɗan yanki na fayil mai gigabayit 4 bai lalace ba, alhali bai sauke sauran ba? Ni dai abin bai shige ni ba.

Salamu alaikum. To ƙanena, ina jin abin da ya ɗaure maka kai shi ne ka saba da hash ɗaya tilo, wato gajeriyar lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, wadda ke canzawa da zarar fayil ya canza, irin wanda ake liƙawa ƙarƙashin fayil, ka gama saukewa ka buga sha256sum ka gwada. Wancan kam sai fayil ya sauka gaba ɗaya, gaskiyarka ne. Kuma ni ya taɓa ƙona min rai. Na kwana ina sauke wani fayil da datar dare, da asuba na gwada hash, bai yi daidai ba. Wane wuri ne ya lalace? Ba ya gaya maka. Bayit ɗaya ne ya canza ko rabin fayil ɗin ne, amsar iri ɗaya ce. Haka na goge na sake siyan data, kuma wataƙila ɗan guntu ne kawai ya samu matsala lokacin da sabis ya ɗauke. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don kuɗin nan a lokacin ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

To, maganin wannan shi ne bishiyar Merkle, sunan Ralph Merkle ne, tun 1979 ya shigar da takardar mallakar dabarar. Bari mu ɗauki ƙaramin misali. Ka yanka fayil gida takwas, ka fitar wa kowane yanki hash ɗinsa. Sai ka haɗa hash na ɗaya da na biyu ka fitar musu da sabon hash, na uku da na huɗu haka, har ƙarshe. Takwas sun koma huɗu. Ka sake haɗa su bibbiyu su koma biyu, biyun nan su ba ka ɗaya. Wannan ɗayan shi ne saiwa, bayit 32 ne kacal in da SHA-256 aka yi.

Yanzu a ce yanki na uku kaɗai ka sauke, kuma saiwar tana hannunka. Me za ka nema wurin wanda ya turo maka? Abu uku. Hash na yanki na huɗu, sai hash ɗin da ya haɗa ɗaya da biyu, sai wanda ya haɗa biyar zuwa takwas. Kai da kanka za ka fitar da hash na yankin da ka sauke, ka haɗa da na huɗu, abin da ya fito ka haɗa da na ɗaya da biyu, sannan da na biyar zuwa takwas. In ka iso kan saiwar da ke hannunka, yankinka lafiya lau. In ba ka iso ba, ko yankin ya lalace ko ɗaya daga hash ukun nan na ƙarya ne, ka watsar ka nema wurin wani. Ka ga ba ka taɓa sauran yankuna bakwai ba.

Af, na tsallake wani abu. Da na ce ka haɗa, ba yadda ka ga dama ba. Hagu da dama suna da muhimmanci. Na uku yana hagu, na huɗu yana dama, amma a mataki na gaba naka ne zai koma dama. In ka juya su, hash daban zai fito ko da komai lafiya yake. Masu rubuta manhaja suna yawan faɗawa ramin nan.

Mu koma kan fayil ɗinka. BitTorrent v2, tsarin raba fayil tsakanin masu saukewa, yana yanka fayil kilobayit 16-16. Gigabayit 4 zai ba ka yanki 262,144. In ka yi ta rabawa biyu, sau 18 za ka iso ɗaya. Ke nan hash 18 ne shaidar yanki guda, bayit 576. Da jerin hash na duka yankunan za a ba ka, megabayit 8 ne. Kuma in fayil ya ninka ya zama gigabayit 8, hash ɗaya kawai ya ƙaru, 19.

Amma ka kula da saiwar. Daga ina ka samo ta? In wanda ya ba ka yankin shi ne ya ba ka saiwa, ba ka tabbatar da komai ba, don zai iya gina bishiya sukutum a kan fayil na jabu, lissafi kuma ya fito daidai. Dole saiwa ta zo daga inda ka yarda da shi, kamar shafin masu fayil ɗin na asali. Sannan shaidar nan yanki na uku kawai ta wanke, ba ta ce wanda ya turo maka yana riƙe da sauran ba. Ka gwada da gida takwas ɗin nan a takarda, in ka maƙale a mataki na biyu ka turo min hoto in duba.